Yadda Taki Ya Cinye Gonarmu

A ƙauyenmu, wanda ke gefen titin da ya tashi daga Funtua ya nufi Malumfashi, da abu biyu aka san ni: gyaɗa mai gishiri da baki. Gyaɗar ta Inna ce, talla kawai nake yi mata in na taso daga makaranta. Bakin kuwa nawa ne ni kaɗai, ban gaje shi a wurin kowa ba. In na ga ɓera sai in ce na ga gafiya, in na ga gafiya sai in ce ta kori kare. Na taɓa rantsewa a bakin rijiya cewa na ga kura tana tuƙa keke a hanyar Danja, har da ƙararrawa, kuma wata tsohuwa ta yi kwana uku ba ta je itace ba. Inna takan ce da ana sayar da surutu a gwangwani da tuni mun yi rufin kwano. Shekarata goma sha biyu a lokacin, muna cikin jihar Kaduna tukuna, ba a yanke mana Katsina ba.

Babana gona biyu gare shi. Ɗaya tana can daji, tafiyar da sai ka ci tuwo ka ƙoshi kafin ka kama hanya, ƙasarta ja ce mai tsakuwa, auduga kawai take yarda da ita. Ɗayar kuwa a bayan gari take, in ka tsaya a ƙofar gidanmu kana hango kan ɗorawarta. Ita ce gonar gado. Kakan Baba ya sare ta, kuma tun daga lokacin duk tokar murhun gidanmu da kashin awakinmu can suke ƙarewa. Dawar da muke ci daga kaka zuwa kaka daga cikinta take fitowa.

Baba yana da amini tun na ƙuruciya, wani Alhaji mai sayen hatsi da ke da shago a bakin kasuwa. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi ci-rani. Da aka haife ni sunan mahaifiyar Alhaji aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce uwata. Kullum la'asar shagonsa ne zangona na farko. Yakan sa a ajiye mini benci, ya ce a yi shiru uwarsa za ta karanta labarai, ni kuwa in zage in kwaikwayi tafiyar hedimasta da tarin ladan har sai ya riƙe ciki yana hawaye. In na gama ya saye rabin farantin. A duk duniya ban san wani babba da yake sauraro na har ƙarshe ba sai shi.

Da bazarar wata shekara, ana sauran 'yan kwanaki ruwa ya sauka, ɗaya daga cikin shanun huɗar Baba ya kwana da kumburin ciki, kafin a nemo mahauci ya mutu mushe. Sa ɗaya ba ya jan garma. Da waɗannan shanun Baba yake huɗar gonakinsa, da su kuma yake yi wa mutane huɗar kuɗi. Ya kwana biyu yana lissafi a bakin turke, a rana ta uku ya tafi wurin amininsa.

A zauren mai unguwa aka yi maganar, ni kuma aka aike ni da goro, na ajiye na maƙale a bayan ƙofa. Alhaji ya ƙirga naira ɗari huɗu a gaban shaidu biyu. Baba ya jinginar masa da gonar bayan gari. Sharaɗin shi ne gonar tana hannun Alhaji, shi zai noma ya kwashe amfanin, duk ranar da Baba ya kawo kuɗin bayan an cire amfanin gona sai ya karɓi abarsa. Itatuwan ɗorawa ba sa cikin jinginar, na Inna ne ta ci gaba da sauke kalwarta. Wani malami ya rubuta takarda da ajami. Alhaji ya ce a sa wa'adin damina uku, don kawai takarda ta yi kyau, in wa'adin ya wuce ba a biya ba gona ta zama tasa, kowa ya yi dariya har da Baba, don wa zai kai shekara uku a kan ɗari huɗu. Malamin ya ɗan yi gyaran murya ya ce a littafi fa ba a so mai bin bashi ya ci amfanin abin da aka jinginar masa. Baba ya ce shi ya ba shi, ya ci halal, ɗan'uwansa ne. Aka tashi aka zaga iyakokin gonar daga kuka zuwa jerin gamba, aka shafa fatiha.

Baba ya sayo sa a kasuwar Danja. Daminar ta yi kyau. Mun rasa dawar bayan gari, mun ci masarar da Baba ya samu a ladan huɗa, amma audugar daji ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Na je shagon Alhaji na ce audugar babana ta yi yawan da har mutanen Mahuta sun aiko suna tambaya ko gajimare ne ya faɗo a gabas da su. Ya yi dariya ya tambaye ni yaushe za a kai ta fuloti, wato inda ake auna auduga a biya manoma. Na ce ranar Litinin ta sama, kuma Baba ya ce daga fuloti ba zai ko sha ruwa ba sai ya zo ya fanshi gonarsa. Ya ce madalla, ya saye farantin gaba ɗaya.

Kwana biyu bayan haka muka wayi gari da kukan shanu a bayan gari. Fulani ne suka sauka a cikin gonar da garke guda, sun kafa bukkoki, sun ɗaure maruƙa. Haka ake yi in mai gona yana son taki: ya ba makiyaya dawa, su kwantar da shanunsu a kan karan gonar har wasu makonni. Mu yara murna muka yi, don an samu nono a kusa.

Ranar Litinin Baba ya dawo daga fuloti, ya yi wanka, ya sa riga mai aiki, ya ɗaure ɗari huɗu a hankici ya tafi shi kaɗai. Da ya dawo hankicin yana nan a aljihunsa. Na ji yana gaya wa Inna cewa Alhaji ya yi ta salati, ya ce ai da ya san da wuri haka zai samu da bai kira Fulani ba, ga shi ya riga ya ba su dami goma. A garinmu kuwa kowa ya san al'adar: wanda ya zuba taki a gona shi ke cin takinsa. Ko aro ne ko jingina, ba a karɓe gona a hannun mutum bayan ya yi mata taki sai ya noma ta ya girbe. Baba ya ce to ya karɓi kuɗin yanzu, in ya so bayan kaka ya sakar masa gonar. Alhaji ya ce Allah ya kiyaye, in ya karɓa ai gonar ta fita daga jingina, ya zama yana noma gonar ɗan'uwansa ba bisa komai ba. Ya ce Baba ya riƙe kuɗinsa ya juya su, tsakaninsu babu gaggawa.

Inna ta ce ya kai kuɗin wurin mai unguwa a ajiye, a gaban shaidun da aka yi da su. Baba ya ce in ya yi haka ya nuna wa gari ke nan bai yarda da amininsa ba. Ya tura hankicin cikin tukunya ya rufe da faifai.

Ban san ko kun taɓa ganin kuɗin manomi sun yi shekara a cikin tukunya ba. Ni dai ban taɓa gani ba. Kuɗin nan ƙafa suka yi. Inna ta haihu, rago ya ɗauki nasa. Ɗakin Baba ya tsage, magini ya ɗauki nasa. Ƙanena ya yi ƙyanda, aka kai shi asibiti a Malumfashi. Aka sayi takin zamani buhu biyu, aka sayi dawa da damina ta yi tsakiya, tunda gonar da ke ba mu dawa tana ba wani. Kafin a ce kaka, in ka girgiza tukunyar ko gizo-gizon da ke ciki ba ya farkawa. A can bayan gari kuwa dawar Alhaji ta yi tsayin da in ka shiga sai ka kira sallah a ji ka.

Shekara ta biyu Baba ya yi wayo, ko kuma ya yi abin da a wurinsa wayo ne. Bai ce ba ya yarda da kowa ba, amma ya tara mu ya ce kada wanda ya yi maganar kuɗi a waje. Da ya faɗa ni ya kalla. Audugar ba ta kai ta bara ba, don haka ya haɗa da kuɗin huɗa, ya sayar da tumaki biyu a Musawa inda ba a san shi ba, Inna ta ba shi abin da ta tara na daddawa. A hankali, kamar mai satar kayansa, ya haɗa ɗari huɗu. Ya ce ranar Juma'a bayan masallaci zai je. An girbe gonar, babu Fulani a kusa, sun yi kudu.

Na riƙe bakina kwana tara. Wanda ya san ni ya san wannan ya fi azumin watan zafi wuya. Ina zuwa shagon in kwaikwayi hedimasta in tashi. A rana ta goma, ranar Talata, Alhaji ya kalle ni da tausayi a gaban mutanen da ke zaune a benci.

"Uwata, na ji an ce bana ɓerayen rumbunku sun yi ƙaura, sun ce ba za su mutu da yunwa a gidan mutane ba."

Mutane suka yi dariya. Ban saba a yi dariya a kaina ba, na saba a yi dariya a kan abin da na faɗa. Sai na ce:

"Wane rumbu? Babana kuɗi yake kwana a kai, Baba Alhaji. Tabarmarsa ta yi tudun da sai da tsani yake hawa. Ka jira Juma'a ka gani, sai ka nemi buhu."

Suka fashe da dariya, shi ma ya yi, ya ce uwarsa ba ta da dama. Ya sayi gwangwani biyar. Na tafi gida ina jin na rama wa gidanmu.

Ranar Alhamis da hantsi ina dawowa daga makaranta na ga jakai. A da in na ba da labarin nakan ce sun kai dubu. Gaskiyar ita ce sun kai ashirin, kuma ashirin ɗin sun isa. Kowane da mangala cike da takin gida, suna tafe a jere daga turakun gidan Alhaji da na maƙwabtansa zuwa bayan gari, ana juyewa tsibi-tsibi a cikin gonarmu. Da la'asar wani mai jaki ya tsayar da ni ya sayi gyaɗar sule, yana tauna yana ce wa abokinsa bai taɓa ganin mai gaggawar taki irin wannan Alhajin ba, rani ko rabi bai yi ba, amma ya ninka musu lada ya ce lallai a gama kafin Juma'a.

Kafin Juma'a. Na tsaya da faranti a ka. Sai a lokacin na tuna da Litinin ɗin bara da Fulanin da suka sauka kwana biyu bayan na yi maganar gajimare. Ban gaya wa kowa ba. Na koma gida da sauran gyaɗa, Inna ta tambaye ni ko shagon Alhaji a rufe yake, na ce cikina ke ciwo.

Baba ya je ranar Juma'a duk da haka, shi kaɗai kamar bara. Wannan karon ya ce zai biya kuɗin takin ya karɓi gonarsa. Alhaji ya ce ai babu komai, ya zauna ya lissafa: takin kansa, ladan masu jakai, ladan masu haƙa, har da wanda ya saya a gidajen mutane. Ya kai naira tamanin. Baba ɗari huɗu cif gare shi, ko kwabo babu a kai. Ya ce a ba shi wata guda. Alhaji ya ce ko shekara ce ya ɗauka, sai dai shi ya riga ya yi alkawarin iri da 'yan ƙwadago, kuma ya za a yi a ce saboda naira tamanin an ji kansu. Ya rako shi har bakin titi, ya ba shi goro.

Daga ranar na daina tsayawa a shagon. Nakan zaga ta bayan mahauta. Alhaji ya aiko 'yarsa ta tambaya ko uwarsa fushi take yi, na ce karatu ya yi yawa.

Damina ta uku ita ce wadda ruwa ya ɗauke. An yi shuka sau uku. Masara ta fara bunƙasa ta tsaya tana kallon sama har ta bushe a tsaye. Audugar daji ba ta fi a cika matashin kai biyu da ita ba, wannan kuma ba ƙari na yi ba. Babu wanda ya nemi huɗa. Kuɗin tukunya suka tafi a awo, tiya bayan tiya, kuma yawancin awon a shagon Alhaji aka yi shi, don shi ke da hatsi a garin. Da suka ƙare Baba ya sayar da sa ɗaya, wanda aka ci bashin dominsa. Da wannan ma ya ƙare, ya je ya nemi ƙari a kan jinginar. Haka ake yi, in gona ta fi kuɗin da aka karɓa daraja, mai ita yakan koma ya ce a ƙara masa. Wannan karon Alhaji bai ce tsakaninsu babu takarda ba. Ya aika aka kira shaidun nan biyu da malamin, aka rubuta naira ɗari da hamsin a ƙasan ta farko. Ya zama ɗari biyar da hamsin.

Bayan kaka, kakar da ba a girbe komai ba sai a gonakin da suka sha taki, Alhaji ya aiko mai unguwa. Bai zo da kansa ba. Saƙon shi ne damina uku ta cika, takarda ta ce gona ta zama tasa, yana so a zo a shafa fatiha a kan haka, kuma kalwar bana a bar ta a kan itace. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce wa mai unguwa ya gaya masa jingina ba ciniki ba ce, ko jikansa ne ya samu kuɗin zai zo ya fansa. Bayan mako biyu masinjan kotu ya zo a kan keke da sammaci.

A Malumfashi aka yi shari'ar, a kotun alƙali. Na matsa wa Inna da kuka har ta bar ni na bi su a kan zan kwana gidan Kawu, ƙanenta da ke ɗinki a can. Ba a bar ni na shiga ba. Na tsaya a jikin taga tare da masu sayar da rake, ina jin komai.

Alhaji ya miƙa takarda, muhuti, wato magatakardan kotu, ya karanta. Alƙalin tsoho ne mai magana a hankali. Ya tambayi Baba ko ya karɓi kuɗin, ya ce ya karɓa. Ya tambaye shi ko ya biya, ya ce bai biya ba, amma sau biyu yana kai kuɗin ana mayar da shi saboda taki. Alƙali ya juya ga Alhaji.

"Allah ya gafarta malam, yakan zo mu gaisa, aminina ne. Ya taɓa yi mini maganar yana so ya fansa. Amma a ce ya zo da kuɗi a hannu, ni dai ban tuna ba."

Aka tambayi Baba shaidu. Ba shi da su, don ba a zuwa gidan amini da shaidu. Ta tagar ina ganin ƙeyarsa. Bai juya ya kalli Alhaji ba, ya dai cire hularsa ya duba cikinta ya mayar.

Na ja rigar Kawu na ce ni shaida ce, ni na gaya wa Alhaji ranar, sau biyu, kuma na ji abin da mai jaki ya ce. Kawu ya ja ni gefe ya ce in rufe bakina. Ya ce kotu ba ta karɓar shaidar yarinya, in ma tana karɓa ba za ta fara da wadda ta ga kura a kan keke ba. Ya ce kuma me zan ce, mutum ya zuba taki a gonar da ke hannunsa? Wace doka ya karya?

Hukuncin bai zo yadda Alhaji ya so ba, bai kuma zo yadda muka so ba. Alƙali ya ce sharaɗin nan na cewa gona ta zama ta mai bin bashi in wa'adi ya wuce ɓatacce ne, ko an rubuta shi da ruwan zinariya. Abin jingina ba ya zama na wanda aka jinginar wa don an kasa biya. Haƙƙinsa kuɗinsa ne, gonar tana tsaye ne kawai a matsayin abin da za a fitar masa da su. Sannan ya ce akwai maganar amfanin damina uku da aka ci a kan bashi, wanda shari'a ba ta yarda da shi ba, in mai gona ya nema za a ƙiyasta a cire daga bashin. Kawu ya matse mini hannu. Dawar shekara biyu kaɗai ta isa ta share ɗari biyar da hamsin ɗin ko ta kusa.

Sai da alƙali ya maimaita sannan Baba ya amsa.

"Na ce masa ya ci halal, a gaban mutane na faɗa. Ba zan dawo in ce haram na ba shi ba."

Alƙali ya sake tambayarsa ko ya fahimci abin da yake bari. Ya ce ya fahimta. Har yau ban gama yanke wa kaina ko abin da Baba ya yi a ranar girma ne ko wauta ba. Inna ta yanke tun a daren, kuma maƙwabta sun ji hukuncinta.

Aka ba Baba wata biyu ya kawo kuɗin. In bai kawo ba kotu za ta sa a sayar da gonar, a biya Alhaji ɗari biyar da hamsin, abin da ya saura a ba Baba. Wata biyun nan ya zaga duk inda yake da dangi. Ya je Danja, ya je Mahuta, ya je Funtua wurin wani Bayarabe mai sayar da kayan keke da suka saba. Kowa ya ba shi haƙuri da abin mota. Shekarar ba ta bar wa kowa komai ba. Ya sayar da ɗayan san da garmar, Kawu ya kawo abin da ya samu, duka suka tsaya a ɗari uku da ɗan kai. Ya kai wa kotu, aka ce Alhaji ya ce shi duka yake so ko babu, kuma wa'adi ya cika, ba za a tilasta masa karɓar rabi ba.

An sayar da ita da bazara, lokacin da ko mai gona goma hatsi yake nema ba ƙasa ba. Masinjan kotu ya zo, da wakilin dagaci, da dattawa uku da suka san darajar gonaki. Aka yi shela a kasuwa. Dattawan suka ce a shekarar arziki gonar ta fi dubu da ɗari biyar. Mutum uku suka taya. Biyu manoma ne da suka taya don kunya, suka tsaya a ɗari bakwai. Na ukun wani saurayi ne mai agogo daga Danja, ya ce ɗari tara, aka jira, ba wanda ya ƙara, aka sallama masa. Kowa a wurin ya san mijin babbar 'yar Alhaji ne, wanda ko riƙon fartanya bai iya ba. Babu dokar da ta hana suruki sayen gona. Dagaci ya sa hannu, aka kai takarda ƙaramar hukuma aka buga hatimi. Aka ƙirga wa Alhaji nasa, aka cire na kotu, aka ba Baba sauran a cikin ambulan. Ɗorawar ma ta bi gonar, don ciniki ba jingina ba ne.

Da yammacin ranar na sami Baba a zaure yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaya masa duka, tun daga gajimaren auduga har tsanin hawa tabarma da maganar mai jaki. Na faɗa ba ƙari ko ɗaya, abin da ban taɓa yi ba, shi ya sa labarin ya fito gajere. Na jira mari. Ya ci gaba da fiƙe itacen har na ɗauka bai ji ba.

"Gwangwani nawa ya saya a ranar?"

Na ce biyar.

"To, ya samu da araha." Ya busa ƙurar itacen. "Tashi ki je. Ke yarinya ce, an tambaye ki kin faɗa. Ni da na kai masa gonar da ƙafata, shekara arba'in ina zaune da shi, me na gani?"

Da ya mare ni da na fi samun sauƙi.

Ruwan farko ya sauka bayan kwana goma sha ɗaya. Da asuba gari ya cika da ƙarar mutane masu fita shuka. Shanun Alhaji ne suka shiga gonar bayan gari, da yaransa, da irinsa. Surukin ko leƙowa bai yi ba. Baba ya fito da sungumi a kafaɗa, Inna ta miƙo mini ƙwaryar irin dawa ta ce in bi shi, tunda kuɗin da suka rage na awo ne, babu na ɗan ƙwadago. A ƙofar gida ya tsaya kaɗan. Hanyar gonar daji ta gefen gonar bayan gari take bi, nan ne kusa. Ya juya ya bi ta cikin gari, ta bayan makaranta, ta maƙabarta, muka zaga har muka faɗa hanyar daga can gaba. Rana ta yi sama kafin mu isa. Ƙasar ja ce, tsakuwa tana ƙara a bakin sungumi, kuma duk wanda ya wuce sai ya ce mana dawa ba ta yi a nan. Baba yana sara ina jefa iri ina takewa har azahar.